"A Yi Mana Haƙuri, Oda Ta Yi Yawa": Saƙon Mai Kaya a Hada-hadar Sallah

Da zarar azumi ya raba tsakiya, akwai wani saƙo da ke fara yawo a wayoyin mutane. Masu sayar da atamfa da leshi da abaya da kayan yara ta WhatsApp ne ke tura shi, kuma kusan kalmominsa ɗaya ne ko daga hannun wa ya fito: "Kwastomominmu masu albarka, don Allah a yi mana haƙuri, oda ta yi mana yawa, kowa zai samu kayansa in sha Allahu." Wadda ta rubuta shi da zuciya ɗaya ta rubuta, ta gaji, ga ƙishirwa, ga waya ba ta daina ƙara ba tun sahur. Amma matar da ke Gombe, wadda ta tura kuɗin atamfa turmi biyu kwana tara da suka wuce, ta karanta shi sau biyu ba ta ga amsar tambayarta ba. Abin da take son sani shi ne ranar da kayanta za su iso, domin telanta ya ce daga ashirin ga wata ba zai ƙara karɓar ɗinki ba.

Ba da haƙuri a ciniki ba sabon abu ba ne a wurinmu. Tela ya saba, mai kanti ya saba. Abin da ya canza shi ne nisa. A da, in tela ya saɓa maka sai ka je shagonsa ka zauna a benci, ka ga yadinka a rataye ko a kan keke, ka ga idonsa ya yi ja don rashin barci, zuciyarka ta ɗan sauka. Yanzu mai kaya tana Kano, mai saye tana Yola ko Legas, ba su taɓa ganin juna ba, kuɗi kuma sun riga sun fita ta tiransifa. Babu abin da ke tsakaninsu sai rubutu. Ga shi kuma 'yan damfara sun ɓata hanyar, kusan kowa ya san wani da ya tura kuɗi aka toshe lambarsa. Saboda haka in mai kaya ta yi shiru kwana uku, mai saye ba ta cewa aiki ne ya yi mata yawa; abin da ke fara zuwa mata shi ne an cinye ta. Wannan ɗan gajeren saƙo shi ne ke tsaya wa mai kaya a matsayin shago da fuska, shi ya sa ya cancanci a zauna a yi shi da kyau.

A ganina, saƙon ba da haƙuri ba da rubutu yake farawa ba, da lissafi yake farawa. Wanda bai ƙirga abin da ke kansa ba ba zai iya faɗin rana ba, wanda kuma bai faɗi rana ba bai ba da haƙuri ba, roƙon ƙarin lokaci kawai ya yi ba tare da ya ce nawa ba.

Lissafin da ke gaban rubutu

Mu ɗauki misali. Ba wata takamaimiyar mata nake nufi ba, kuma lambobin na kwatance ne, amma duk mai wannan sana'a za ta gane kanta a ciki. Wata baiwar Allah ce a Kano, tana saro kaya a Kantin Kwari, tana ɗaukar hotonsu ta ɗora, tana sayarwa daga gida. Tana da 'yan mata biyu masu taya ta naɗe kaya, da yaro mai babur da ke kai su tasha da cikin gari. Daren Asabar, 15 ga azumi, bayan tarawihi, ta buɗe littafinta ta ƙirga: mutum 180 sun biya, kayansu ba su fita ba.

Tambaya ta farko ita ce ƙunshi nawa take iya fitarwa a rana. Ba nawa take fata ba, nawa ta fitar jiya da shekaranjiya. Fitar da ƙunshi ɗaya ba ƙaramin aiki ba ne. Sai an duba alat an tabbatar kuɗin sun shigo, an nemo hoton da mai kayan ta zaɓa an gwada shi da abin da ke hannu, an duba ko leshin ya cika yadi biyar, an naɗe a leda an manne da salatif, an rubuta suna da gari da lambar waya da maka a jikin ledar. Daga nan yaro ya ɗauka ya bi cunkoson la'asar, wannan na motar Kaduna ne a Unguwa Uku, wancan na Legas ne sai Sabon Gari, a yi ciniki da 'yan kamasho, a karɓi lambar direba, a turo mata, ita kuma ta tura wa mai kaya. A ce da ƙyar da jiɓin goshi tana fitar da 30 a rana.

Tambaya ta biyu ita ce sababbin oda nawa ke shigowa. A ce 25 a rana. To a nan gizo ke saƙar. In tana fitar da 30 ana ƙara mata 25, bashin da ke kanta da biyar kacal yake raguwa kullum. Mutum 180 a biyar-biyar kwana 36 ke nan, Sallah ta wuce da mako uku. Ita kuwa tana ganin tana ƙoƙari, kuma lallai tana yi, kullum kaya na fita, amma tulin da ke falonta ba ya raguwa. Babu kalmar da za ta rubuta ta gyara wannan. Dole ta rufe karɓar oda, kuma wannan shi ne abu mafi wuya ga ɗan kasuwa a lokacin da kasuwar shekara ke ci. Amma kuɗin da ta karɓa a kan abin da ba za ta iya kaiwa kafin Sallah ba ba riba ba ne, rigima ce ta saya.

In ta rufe, lissafin ya zama mai sauƙi, sai dai akwai sauran tankaɗe. Ba duka 180 ɗin ne matsalarsu ɗaya ba. Da ta bi littafin layi-layi, sai ta ga mutum 160 kayansu na nan a hannu, naɗewa da aikawa kawai suka rage. Sauran 20 kuwa kalar da suka zaɓa ta ƙare. Ta ɗora hoton, mutane sun rububa, kafin ta koma wurin dila an kwashe, shi kuma yana cewa sabon kaya na hanya, bai san ranar isowarsu ba. Waɗannan mutum 20 ba jinkiri ne ya same su ba, babu kayansu ne. Haɗa su da sauran a saƙo ɗaya a ce "kowa zai samu" yaudara ce, ko da ba a yi niyyarta ba.

Mutum 160 a talatin-talatin, kwana biyar ne da 'yan kai, wato daga Lahadi 16 zuwa Juma'a 21, kuma ya yi daidai da ranar Juma'a ta zo da ƙunshi goma kacal, tunda rabin wuninta na masallaci ne. Sai batun wa za a fara sallama. Adalcin da kowa ya sani shi ne wanda ya riga biya ya riga samu. Amma a irin wannan lokaci ni ina ganin nisa da ɗinki sun fi cancantar a duba. Kano zuwa Legas tafiyar kusan kilomita dubu ce, kayan da aka sa a mota yau sai a yi kwana biyu ko uku kafin su shiga hannun mai su, alhali wadda ke Hotoro ko Kabuga a wuni ɗaya za a miƙa mata. Haka kuma mai atamfa tana da tela a gabanta, mai abaya kuwa sakawa kawai za ta yi. Don haka baiwar Allahn nan ta jera: mutum 50 na nesa, irin su Legas, Fatakwal, Yola da Maiduguri, su fita Lahadi da Litinin, mutum 60 na jihohin kusa su biyo baya zuwa Laraba, na cikin Kano 50 su zo ƙarshe, Alhamis da Juma'a su kammala. A kowane rukuni masu yadin ɗinki ne a gaba. Wannan tsari yana da kyau da sharaɗi guda: a faɗe shi a fili. In ba a faɗa ba, ranar da ta cikin gari ta ji an kai wa wadda ta biya bayanta, za ta ce an yi son kai, kuma ba za a ga laifinta ba.

Abu na ƙarshe a lissafin shi ne ranar Sallah kanta. Watan azumi kwana 29 ne ko 30, ba wanda ya san wanne sai daren da aka duba wata, Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya yi sanarwa. A 2024 an cika talatin a Najeriya, aka yi Sallah ranar Laraba 10 ga Afrilu. A 2025 kuwa azumi 29 aka yi, Sallah ta kama Lahadi 30 ga Maris. Mai kaya da ta gina alkawarinta a kan talatin ta jingina da ranar da ba lallai ta samu ba. A kan 29 ake lissafi, sannan a cire kwana biyun ƙarshe, lokacin da motoci ke cike da masu tafiya gida, direba ya fi son fasinja da buhunsa a kan ƙunshin saƙo, kuɗin aike kuma ya tashi. Mai kwastomomi a Maraɗi ko Damagaram ta ƙara tunawa cewa Nijar na da nata ganin watan, wani lokaci takan riga Najeriya sauke azumi.

Saƙon kansa

Yanzu ne za a iya rubutu, kuma bayan wancan lissafi rubutun ba ya cin minti goma. Ga irin abin da za ta tura wa mutum 160 ɗin:

"Assalamu alaikum, barkanmu da shan ruwa. Na yi muku alkawarin kaya cikin kwana uku, ban cika ba. Na karɓi oda fiye da abin da zan iya fitarwa, laifina ne, ku yafe ni. Kayanku suna hannuna. Na rufe karɓar sabuwar oda daga yau har sai na sallami kowa. Na Legas, Fatakwal, Yola da Maiduguri za su fita Lahadi da Litinin, na jihohin kusa zuwa Laraba, na cikin Kano zuwa Juma'a. Na fara da na nesa da masu kai ɗinki ne don kada su makara. Da kayanki sun shiga mota zan turo miki lambar direba. In sha Allahu kowa zai karɓa kafin Lahadi 23 ga azumi. Wadda wannan rana ba ta yi mata ba ta rubuto min yau, zan mayar mata da kuɗinta cikakku zuwa jibi. Na gode da haƙurinku."

Saƙon bai kai kalma ɗari da hamsin ba, amma a duba abin da ya ɗauko. Ya fara da ambaton alkawarin da aka saɓa, da adadin kwanakinsa. Wannan yana da nauyi, domin mai saye tana riƙe da wancan alkawari a wayarta, tana iya komawa ta karanta. In mai kaya ta yi kamar ba a yi shi ba, mai saye za ta turo mata hotonsa, daga nan kuma magana ta zama gardama. In kuwa ita ta fara ambata, ta ɗauke wa mai saye wahalar tuni.

Sannan dalilin da aka bayar jimla ɗaya ce, kuma a kan mai kaya ya faɗa. Yawancin saƙonnin da ake gani sukan karkata laifin zuwa wani wuri: direbobi ne, netwok ne, kasuwa ce ta cika, dila ne ya ci amana. Wani lokaci gaskiya ne. A farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, tiransifa takan maƙale kwana da kwanaki, tsabar kuɗin biyan ɗan dako ma ta gagara, kuma azumin shekarar ya shigo mutane ba su gama farfaɗowa ba. Wanda ya ba da wannan uzuri a lokacin kowa ya san ba ƙarya yake ba. Amma cikar kasuwa a azumi ba abin mamaki ba ne, kowace shekara haka take, kuma mai kaya ta san da ita ranar da ta ce "kwana uku". Mai saye ba da direba ta yi ciniki ba. Na lura mutane sun fi saurin yafe wa wadda ta ce "na ɗauki abin da ya fi ƙarfina" a kan wadda ta jero musu sunayen masu laifi biyar babu nata a ciki. Haka kuma dogon labarin wahala, ba na barci, ban sha ruwa a kan lokaci ba, yarona ba lafiya, yana mayar da saƙon ya zama neman tausayi, sai mai saye ta ji kamar ita ce ake so ta ba da haƙuri.

Jimlar "kayanku suna hannuna" gajeriya ce, amma ita ce ke kashe zargin damfara. In da hali a haɗa da hoton ƙunshin da sunan mai shi a jiki, a tura mata ita kaɗai. Kada a ɗora hoton tulin kaya da sunaye da lambobin mutane a fili inda kowa zai gani. Lambar matar aure ba abin yaɗawa ba ce, kuma 'yan damfara na iya ɗauka su kira ta da sunan direba su nemi kuɗin aike.

Sai ranar. An faɗi sunanta, an faɗi kwanan watan, kuma an ɗan ƙara kwana biyu a kan abin da lissafi ya bayar, saboda mota na lalacewa, direba na kashe waya. Gara a ce Lahadi kaya su iso Juma'a da a ce Juma'a su iso Lahadi. Ana cewa in sha Allahu, kuma ya kamata a ce, amma tare da rana ake faɗarsa, ba a madadin rana ba. Dalilin da ya sa nake matsa wa wannan batu shi ne, saƙon ba da haƙuri sau ɗaya yake aiki. Na farko ana karɓarsa da "ba komai, Allah ya ba da iko". In ranar da aka sa ta zo ta wuce aka sake turo wani, ba wanda zai karanta shi da zuciyar farko. Alkawari kaya ne, na biyun kuma ya fi na farko nauyi.

Daga ƙarshe an buɗe ƙofar fita: wadda ba za ta iya jira ba ta karɓi kuɗinta. Masu kaya da yawa na tsoron wannan jimla, suna ganin kowa zai ce a mayar masa. A zahiri wadda aka gaya wa tabbatacciyar rana, kuma ranar ta yi mata, ba ta da dalilin janyewa, don in ta karɓi kuɗin ma sai ta sake shiga wani layin a wurin wata. Wadda za ta janye ita ce wadda kayan ba za su yi mata amfani ba in sun makara, ita kuwa riƙe kuɗinta zalunci ne.

Mutum ashirin da babu kayansu

Waɗannan ba a tura musu saƙon gama-gari. Kowace da nata, da sunanta, kuma in babba ce kira ya fi. Ga misali:

"Hajiya, barka da shan ruwa. Leshin nan ruwan toka da kika biya ranar Talata ya ƙare a kasuwa kafin in ɗauko, kuma ban sanar da ke da wuri ba, ki gafarce ni. Dila ya ce wani na zuwa, amma ba ni da tabbacin zai iso kafin Sallah, ba zan sa ki jira a kan abin da ban tabbatar ba. Ga kala uku da ke hannuna masu kuɗi ɗaya, in akwai wadda ta yi miki gobe za ta shiga mota, kuɗin aike a kaina. In babu, ki turo lambar asusu, kuɗinki za su dawo zuwa Litinin."

Abin da ba a yi shi ne a zaɓa wa mutum. Sau da yawa mai kaya kan ga cewa ruwan toka ya ƙare amma ga ruwan ƙasa mai kama da shi, sai ta naɗe ta aika, tana cewa ai za ta so shi. Wataƙila anko ne na gida guda, 'yan uwa shida sun riga sun ɗinka nasu. Canza kaya ba da izini ba ya fi jinkiri ɓata ciniki, don jinkiri ana mantawa, wannan kuwa kullum aka buɗe akwati sai an tuna.

Akwai kuma gaskiyar da ba a cika faɗa ba game da mayar da kuɗi. In kowace cikin mutum 20 ɗin ta biya naira dubu 25, naira dubu 500 ke nan, kuma mai yiwuwa kuɗin ba sa asusun mai kaya, sun riga sun tafi wurin dila a matsayin kafin alƙalami ko an saro wasu kayan da su. Don haka kada ta rubuta "yanzu-yanzu zan mayar" in ba ta da su. Ta duba abin da ke hannunta, ta faɗi ranar da za ta iya, ta cika. Saɓa alkawarin mayar da kuɗi shi ne matakin da ke kai mutane ga ɗora hoton mai kaya a Facebook da kiran ta 'yar damfara, ko kai ƙara wurin 'yan sanda.

Wannan zaɓi da ake ba mai saye ba alfarma ba ce. A fiƙihu, cinikin da ake biyan kuɗi yanzu a karɓi kayan da aka siffanta daga baya, wanda malamai ke kira salam, an gina shi ne a kan sanin siffar kaya da adadinsu da lokacin bayarwa, kuma in lokaci ya yi kayan ba su samu ba, mai saye na da damar ya jira ko ya karɓi kuɗinsa. Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019 kuma ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar soke odar da ya yi tun kafin a kawo, sannan sashe na 130 ya ce wanda ake yi wa aiki yana da haƙƙin a gama masa a kan lokaci, in kuma jinkiri ya zama dole a sanar da shi da wuri. Wannan na ƙarshe ya hau kan tela kai tsaye. Abin lura a nan shi ne "da wuri". Saƙon da aka tura 15 ga azumi ya bar wa mutum mako biyu ya nemi mafita. Wanda aka tura daren Sallah, komai daɗin kalmominsa, sanarwar asara ce.

Ta ina saƙon zai bi

An sha rubuta saƙo mai kyau ya ƙi isa ga masu shi. Yawanci a Status ake ɗora shi, alhali Status awa 24 yake yi ya ɓace, kuma ba ya bayyana sai ga wanda ku biyun kun adana lambar juna. Sabuwar kwastoma da ta gano ki ta Instagram ta biya, ba lallai lambarta na cikin wayarki ba, kuma ita ce ta fi kowa tsorata. Broadcast ya fi, domin saƙon na shiga wa kowa shi kaɗai kamar shi aka rubuta wa, amma shi ma jeri ɗaya ba ya wuce mutum 256, kuma wanda bai adana lambarki ba ba zai samu ba. Saboda haka bayan an tura, a bi littafi a duba wa saƙon ya shiga, wanda bai shiga ba a tura masa kai tsaye. Aikin awa ɗaya ne ko biyu, amma yana rage kiran waya na kwana uku, kuma kowane kira da aka amsa ƙunshi ɗaya ne da ba a naɗe ba.

Kada a buɗe sabon zaure a zuba duk masu jiran kaya a ciki don a huta da turawa ɗaya-ɗaya. Mutum 160 masu jin haushi a wuri guda, ɗaya ta fara, sauran su ɗauka, kafin sallar asuba an yanke wa mai kaya hukunci. Ban da haka an bai wa kowa lambar kowa.

Yana da kyau a bi rubutun da saƙon murya na ƙasa da minti ɗaya, a faɗi abu ɗaya da wanda aka rubuta. Cikin masu saye akwai iyaye mata da karatun boko bai zauna musu ba, akwai kuma waɗanda jin muryar mutum ke kwantar musu da hankali fiye da rubutu. Amma murya ba ta maye gurbin rubutu, don rubutun ne ake komawa a duba rana. Masu amfani da WhatsApp Business kuma su gyara Away message ɗinsu. Abin takaici ne mutum ya rubuto cikin damuwa yana tambayar kayansa, amsar da za ta fito ta zama "mun gode da tuntuɓarmu, ga sababbin kayanmu". Haka nan a dakata da ɗora tallan sababbin kaya har a sallami na baya. Wadda ta ga kina tallan sabuwar abaya alhali tata ba ta zo ba, ba za ta yarda kin rufe oda ba.

Yadda za a gane saƙon ya yi aiki ba shi da wuya. In amsoshin da ke dawowa "Allah ya kai mu" ne da "na gode da sanarwa", kuma waya ta lafa, ya isar. In kuwa abin da ke dawowa shi ne "to nawa yaushe?", saƙon bai faɗi abin da ake nema ba, a koma ga littafi a sake ƙirgawa.

Ga mai saye kuma, in irin wannan saƙo ya shigo miki, ki duba abu uku: an ce kayanki na hannu ko babu, an faɗi rana, an ba ki damar karɓar kuɗinki. In babu ko ɗaya, ki tambaya cikin mutunci, a rubuce, ki ajiye risit ɗin tiransifa da hoton abin da kika zaɓa. In an ba ki rana kuma ta yi miki, ki daure ki bar kira har ta zo, don mai naɗe kayanki ita ce mai ɗaga wayar. Ke kuma mai kaya, kada ki jira sai an fara zagi. Daren da kika ƙirga kika ga abin da ke shigowa ya kusa kai abin da ke fita, a daren nan za ki rufe oda ki tura saƙon.